Yadda Za Ka Bambance Kilasikal da Ofarant Kondishinin Ba Tare da Hadda Ba

Duk sanda jarabawar zangon farko ta ƙarato, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa min daga 'yan aji ɗaya masu karanta ilimin halayyar ɗan Adam a nan Birnin Kebbi: "Malam, ma'anar dai mun haddace ta, amma da zarar an kawo labari an ce mu faɗi ko kilasikal ne ko ofarant, sai kanmu ya ɗaure." Na amsa ta da baki har na gaji, shi ya sa na zauna na rubuta hanyar da nake bi, daki-daki.

Sunayen biyu suna da nauyi a baki, don haka ga yadda za mu riƙa kiransu. Kilasikal kondishinin, wanda ake jingina wa Ivan Pavlov, shi ne koyon alama: jiki ya gane cewa wannan abu yana sanar da zuwan wancan. Ofarant kondishinin, wanda ake jingina wa B. F. Skinner, shi ne koyon sakamako: mutum ko dabba ya gane cewa in ya yi kaza, kaza zai biyo baya. Ma'anar ke nan, kuma ba ita ke kayar da ɗalibai ba. Aiki da ita ne.

Kayan aiki ba su da yawa: fallen takarda, biro kala biyu in da hali, sai lemon tsami guda biyu da agogon waya saboda gwajin mataki na bakwai. Ban da kuɗin lemon, ba abin da za ka kashe.

Labari ɗaya za mu riƙe tun daga farko har ƙarshe. Autan ƙanwata, ɗan shekara uku, ya yi zazzaɓi da damina aka rubuta masa allura ta kwana biyar. Ranar farko da dariyarsa ya shiga ɗakin allurar, har yana wasa da labulen ƙofar. Aka goga masa sifirit da auduga, aka soka, ya tsala ihu. A rana ta uku, tun daga bakin ƙofa, da warin sifirit ya bugi hancinsa sai jikinsa ya ɗau rawa, ya ƙanƙame uwarsa yana kuka, alhali ko sirinjin ba a ɗauko ba. A rana ta huɗu da ya ga uwarsa ta ɗauki mayafi sai ya shige bayan randa ya lafe. Kakarsa ta ce, "Ku ƙyale mani maigidana ya huta, ba a kai shi yanzu." Aka bar tafiyar sai yamma. Washegari ko karin kumallo bai gama ba ya riga ya isa bayan randa. Akwai kuma wani abu: kullum a hanyar dawowa yana kuka, uwar takan tsaya a wani shago ta saya masa alewa ya yi shiru. Allura ta ƙare, zazzaɓi ya tafi, amma har bayan wata guda, in suka gifta shagon nan sai ya ɓare baki.

1. Ware hali guda ɗaya

Kafin ka ce komai, ja layi a ƙarƙashin duk abin da wani ya aikata ko jikinsa ya yi a cikin labarin, ka rubuta kowanne a layinsa. A labarin Auta huɗu ne: rawar jiki da kuka a ƙofar ɗakin allura, ɓuya bayan randa, kuka a gaban shago, da sayen alewa da uwar ke yi. Na huɗun nan kusan kowa yana tsallake shi, saboda hankali yana kan yaro. Ita ma uwar ana horar da ita, za mu gani.

Rubuta halin yadda ido zai gan shi. "Yana da tsoro" ba hali ba ne da za a iya aiki da shi. "Jikinsa na rawa in ya ji warin sifirit" shi ne.

Gargaɗi: kada ka yanke wa labari gaba ɗaya hukunci ɗaya. Masu shirya tambaya suna son cusa nau'i biyu a sakin layi guda, kuma a rayuwa ma haka suke zuwa a cakuɗe. Hali ake yi wa suna, ba labari ba.

2. Duba: jiki ne ya yi, ko mai jikin?

Tsinkewar yawu, faɗuwar gaba, tashin zuciya, ƙifta ido, gumin tsoro, duk waɗannan zuwa suke yi ba tare da an nemi izininka ba. In halin da ka ware irinsu ne, zato ya fi karkata ga koyon alama. In kuwa hali ne da ake tashi a yi, kamar gudu, ɓuya, roƙo, danna maɓalli, zuwa kasuwa, zato ya karkata ga koyon sakamako.

Gargaɗi: wannan zato ne kawai, da fensir ake rubuta shi. Dubi kuka. Ya fito sau biyu a labarinmu, hawayen iri ɗaya, ƙarar iri ɗaya, amma za ka ga ba gida ɗaya suka fito ba. Wanda ya tsaya a wannan mataki, ya haddace cewa "kuka kilasikal ne", zai ci ɗaya ya faɗi ɗaya.

3. Jera abubuwan bisa lokaci

Ja layi a kwance, ka rubuta halin a tsakiya. A hagu sa abin da ya faru dab da halin, a dama abin da ya biyo bayansa nan take. In kana da biro kala biyu, hagu kala ɗaya, dama kala ɗaya.

Na farko: warin sifirit a hagu, rawar jiki a tsakiya, allura a dama. Na biyu: uwa ta ɗauki mayafi, ya ɓuya, aka ɗage tafiya. Na uku: ganin shago, kuka, alewa. Na huɗu: yaro na kuka, uwa ta sayi alewa, kuka ya tsaya.

Gargaɗi: ana yawan cewa a kilasikal abin yana zuwa kafin hali, a ofarant kuma bayan hali. Gaskiya ne, amma ga shi ka gani da idonka, duka huɗun suna da abu a hagu da abu a dama. Mayafin uwa da shagon alewa alamomi ne su ma, sai dai aikinsu shi ne su sanar da yaro cewa yanzu ne lokacin da halin zai biya. Saboda haka samun alama a hagu bai isa ya sa ka rubuta kilasikal ba. Mataki na gaba ne ke raba gardama.

4. Yi tambayar da ke raba gardama

Ɗora yatsa kan abin da ke dama, ka tambayi kanka: da bai yi halin ba, da wannan abin zai zo?

In amsar ita ce e, zai zo ko ya yi ko bai yi ba, to koyon alama ne. In amsar ita ce a'a, sai da ya yi sannan ya zo, koyon sakamako ne. In za ka manta da duk abin da ke rubutun nan, kada ka manta da wannan tambaya.

Mu gwada. Da jikin Auta bai yi rawa ba a ƙofa, da za a fasa allurar? Ba za a fasa ba. Da rawar jikin da rashinta duk ɗaya ne a wurin mai allura. Rawar ba ta sayo masa komai ba, ba ta kare shi daga komai ba. Abin da ya faru shi ne warin sifirit ya riƙa zuwa, allura na biye da shi, har jiki ya ɗauki warin a matsayin ɗan aike. Wannan kilasikal ne tsantsa. Haka karen Pavlov yake, wanda ake jiyar da shi wata ƙara kafin a ba shi abinci: ko ya zubar da yawu ko bai zubar ba, garin naman zai shiga bakinsa, domin Pavlov ne ke riƙe da tsarin, ba karen ba.

Da Auta bai ɓuya bayan randa ba, da kaka za ta sa baki a ɗage tafiyar? A'a, da tuni suna kan kabu-kabu. Ɓuyar ce ta haifar da jinkirin, kuma shi ya sa washegari ya ƙara sammako. Ofarant. Haka ɓeran Skinner a cikin akwatinsa: in bai danna ɗan ƙarfen ba, ƙwayar abinci ba za ta faɗo ba, ko zai kwana yana kallonsa.

Da bai yi kuka a gaban shago ba, da za a sayi alewa? A'a. To kukan shago ofarant ne, duk da cewa ɗan'uwansa na ƙofar allura kilasikal ne. Duk uwar da ta yi raino ta san bambancin kukan nan biyu ba tare da ta shiga aji ba: na shago yakan ɗan tsagaita, ya buɗe ido ɗaya ya ga ko hannu ya nufi jaka.

Da uwar ba ta sayi alewa ba, da kukan zai tsaya a lokacin? A'a. Ita ma ofarant.

Ka saba da tambayar a kan abubuwan da ke kewaye da kai. Da azumi, ana fara kiran sallar magariba sai ka ji yawu ya tsinke tun dabino bai kai baki ba. Yawun ne ya kawo buɗa-baki? A'a, lokacinsa ne ya yi. Alama. Masunci a Argungu ya gano cewa wani lungu na ruwa ya fi ba da kifi, sai ya riƙa komawa can da homarsa. Da bai je ya sa homar ba, ba kifi. Sakamako. Wayarka ta yi ƙarar shigowar kuɗi, gabanka ya ɗan buga don murna kafin ka duba: alama. Ka kira yayanka ka yi masa ƙorafin abinci ya ƙare, ya turo, sai ka mayar da kiran na kowane mako: sakamako.

Gargaɗi: kada daɗin abu ko zafinsa ya ruɗe ka. Ɗalibai da yawa in suka ga abinci ko kuɗi a labari sai su ce lada ne, saboda haka ofarant. Abinci yana cikin gwajin Pavlov, yana kuma cikin na Skinner. Ba abincin ake dubawa ba, sharaɗin samunsa ake dubawa.

5. In kilasikal ne, cike gurabe huɗu

A takardar jarabawa za a nemi ka fito da US, UR, CS da CR. Wasu littattafan suna rubuta UCS da UCR, duk ɗaya ne. Harafin U yana nufin ba a koya ba, C an koya, S abin da ya zo daga waje, R martanin jiki. Akwai kuma NS, wato abin da a da bai dami kowa ba.

Kada ka fara da alamar. Fara da tambayar: a cikin labarin nan, mene ne zai sa kowane yaro a duniya ya yi haka tun karon farko, ba tare da an koya masa ba? Sukar allura. Ita ce US. Ihu da firgitar da sukar ta jawo su ne UR. Daga nan sai ka nemi abin da ranar farko bai tayar masa da hankali ba, amma yanzu yana tayarwa: warin sifirit. Ranar farko sunansa NS, a rana ta uku ya zama CS. Rawar jiki da kukan da warin kaɗai ke jawowa su ne CR. A taƙaice:

US → UR
NS + US → UR
CS → CR

Layin farko kafin koyo, na biyu lokacin koyo, na uku bayan koyo.

Gargaɗi: kurakurai uku nake gani kowace shekara. Na ɗaya, a rubuta mutum a gurbin US, a ce "mai allura". Mai allurar ba ta sa shi kuka ranar farko ba sai da ta soka. In ganinta na sa shi kuka yanzu, ita ma CS ce. Na biyu, a sa abu a gurbin R ko hali a gurbin S. Duk abin da ke gurbin R dole ya zama daga jikin mai koyon ya fito. Na uku, a rikice don UR da CR sun yi kama. Sau da yawa suna kama, abin da ya bambanta su shi ne wanda ya jawo su: kukan da allura ta jawo UR ne, wanda wari ya jawo CR ne, kuma yawanci na biyun bai kai na farkon ƙarfi ba.

Tsarin lokaci ma ana tambayarsa. Alama ta fi kamawa in ta riga US da ɗan ƙanƙanin lokaci, kamar yadda gogar sifirit ke riga allura da 'yan daƙiƙu. In US ne ya fara zuwa sannan alamar, da ƙyar ake samun koyo, don ɗan aiken da ya iso bayan baƙo ya zauna ba shi da labarin bayarwa. Robert Rescorla ya nuna a 1968 cewa haɗuwa kawai ba ta isa ba, sai alamar ta zama mai faɗin gaskiya game da abin da ke tafe. Da a ce a gidan su Auta ana amfani da sifirit kullum ba tare da allura ba, da warin bai zama abin tsoro da sauri haka ba.

Akwai banda guda da ya kamata ka sani. Mutum ya sha fura da rana, cikin dare amai ya kama shi, daga nan ko warin fura ba ya so har tsawon watanni. Sau ɗaya abin ya faru, kuma sa'o'i ne tsakanin shan da aman, amma koyon ya kama. Aikin John Garcia a kan ɓeraye, musamman na 1966, shi ya tabbatar da cewa ɗanɗano da ciwon ciki suna haɗuwa cikin sauƙi ko da akwai tazara. Tashin zuciyar nan kilasikal ne, ko da ma ba furar ce ta jawo aman ba.

6. In ofarant ne, yi tambaya biyu a jere

Tambayar farko: halin ya ƙaru ko ya ragu? In ya ƙaru, ƙarfafawa ce, wato riyinfosmen. In ya ragu, hukunci ne, wato fanishmen. Tambaya ta biyu: an kawo wani abu ne ko an ɗauke wani abu? In an kawo, fozitif. In an ɗauke, negatif. Dole ka bi su a wannan jeri, ta farko sannan ta biyu.

Kukan shago ya ƙaru, kuma alewa aka kawo: ƙarfafawa fozitif. Ɓuya bayan randa ta ƙaru, kuma tafiya wurin allura aka ɗauke masa na wasu sa'o'i: ƙarfafawa negatif. Sayen alewa ya zame wa uwar jiki, kuma abin da ta samu shi ne an ɗauke mata ƙarar kuka da idon mutane a bakin titi: ita ma ƙarfafawa negatif. Ka lura da abin da ya faru a gaban shagon nan. A cikin minti ɗaya kowannensu ya horar da ɗan'uwansa, yaro ya koyi kuka, uwa ta koyi saye. Da na zana wa ƙanwata wannan a takarda, cewa ta yi, "Yaya, wato ni ce ɓeran ke nan?"

Hukunci bai fito a labarin ba, ga shi a gajarce. Akuya ta sa baki a shanyar shinkafa, aka make ta da kara, ta rage zuwa wurin: an kawo zafi, hali ya ragu, hukunci fozitif. Saurayi ya kai dare a waje da babur ɗin gida, uban ya karɓe makullin na mako guda, ya daina kai dare: an ɗauke abin so, hali ya ragu, hukunci negatif.

Gargaɗi, kuma a nan aka fi zubar da maki: fozitif ba ya nufin mai kyau, negatif ba ya nufin mara kyau. Tarawa ce da ɗebewa, kamar a lissafi. Ƙarfafawa negatif ba hukunci ba ce ko kaɗan, sauƙi ce. Ka tuna yaron da ya fito tsakar gida ba takalmi da tsakar rana a watan Afrilu, ƙasa ta gasa masa ƙafa, ya koma ya zura silifas, zafin ya ɗauke. Gobe da kansa zai nemi silifas. Hali ya ƙaru saboda an rabu da wahala. Shan maganin ciwon kai haka, shiga gidan sauro haka.

Gargaɗi na biyu: ba niyyar mai bayarwa ake dubawa ba, abin da ya faru da halin ake dubawa. Malamin firamare yana daka wa wani yaro tsawa kullum don ya daina surutu, surutun kuwa sai ƙaruwa yake, saboda ba a kula yaron sai a lokacin. Malam yana ganin hukunci yake yi, amma a takardar jarabawa sunan tsawar nan ƙarfafawa fozitif. In labarin bai faɗi ko halin ya ƙaru ko ya ragu ba, sake karantawa, yawanci yana ɓoye a jimlar ƙarshe.

7. Gwada da kanka

Wannan gwajin na mutum biyu ne, minti goma zuwa sha biyar. Ka yanka lemon tsami, ka matse a ƙaramin kofi. Abokinka ya riƙe agogo, ya zaɓi kalmar da ba ta da alaƙa da abinci, misali "tagar". Duk bayan daƙiƙa goma sha biyar zuwa ashirin ya faɗi kalmar, kai kuma nan take ka ɗiga ruwan lemon a harshe. Bayan kamar sau goma, ya ɗaga hannu alamar wannan karon ba lemo, ya faɗi kalmar, kai kuma ka saurari bakinka. Ku ci gaba, kuna saka irin wannan gwajin jefi-jefi. Mutane da yawa sukan ji yawu ya taru da jin kalmar kaɗai. Daga nan ku ajiye kofin, ya yi ta faɗin kalmar ba lemo, ka lura da yadda abin ke raguwa.

Gargaɗi: mai gyambon ciki ko ciwon baki ya riƙe agogo kawai. Kalmar ta riga lemon, kada su zo tare ko ta biyo baya. Kuma a rufe kofin a karon da za a faɗi kalmar ba lemo, domin ganin lemon tsami da ƙamshinsa sun daɗe da zama CS a wurin duk wanda ya taɓa shansa, za su ɓata maka sakamako.

Na ofarant kuwa, akuyar gida ta isa. Kafin a ba ta abincin safe, ka riƙe 'yar dussa ko ƙaiƙayin wake a hannun da ka ɓoye a baya, ka miƙa mata ɗaya tafin a buɗe. Duk sanda hancinta ya taɓa tafin, ba ta ɗan kaɗan cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ba ta taɓa ba, ba komai. In ta ƙi matsowa, fara ba ta don juyowa kawai, sannan don matsowa, sannan don taɓawa. Wannan bi-da-bi shi ake kira shefin. Jinkirin bayarwa shi ke kashe gwajin, don in ka tsaya lalube, lokacin da ladan zai iso ta riga ta juya kai, kuma juya kan ka saka wa.

8. Tabbatar da amsarka ta hanyar gushewar halin

In har yanzu kana shakka, tambayi kanka yadda za a kashe halin. Na alama yana dushewa ne in CS ya yi ta zuwa ba US. Auta ya raka uwarsa ɗakin allurar sau da dama karɓo magani, ya shaƙi sifirit ba a taɓa shi ba, a hankali rawar jikin ta ragu. Na sakamako yana dushewa ne in aka yi halin ba a samu komai ba: ya yi kukan shago, a wuce. Duka biyun ekstinshon ake kiransu, amma abin da aka yanke daban ne. A ɗaya an raba alama da abin da take sanarwa, a ɗayan an raba hali da ladansa.

Gargaɗi: ranar da aka fara hana alewar, kukan zai iya ƙaruwa kafin ya ragu, har da birgima. In uwar ta karaya a nan ta saya, ta koya masa cewa kuka mai ƙarfi shi ke biya. Kuma in wataran ta saya wataran ta hana, halin zai fi wuyar mutuwa fiye da in kullum take saye, dalilin da ya sa masunci ba ya daina jefa homa don ta fito wayam sau biyar. Sannan dushewa ba gogewa ba ce: bayan an kwana biyu halin kan ɗan dawo da kansa, kamar yadda Auta ya sake ƙanƙame uwarsa wata rana bayan an ɗauka ya manta.

Ka kuma lura da yadda biyun ke riƙe juna. Tsoron allura ta hanyar alama ya shiga, amma ɓuya ce ke ciyar da shi, domin yaron da kullum yake tserewa ba zai taɓa samun damar shaƙar sifirit ya ga ba abin da ya faru ba. Wannan shi ne bayanin da O. H. Mowrer ya kawo mai matakai biyu, za ka haɗu da shi in kun zo darasin tsoro.

9. Rubuta amsar

Jimla huɗu sun isa: sunan halin, nau'in koyon, dalili daga mataki na huɗu, sannan guraben. Ga tambayar da nake yawan bayarwa a aji: wata mata a Jega takan buga kwano kafin ta watsa wa kajinta tsaba, yanzu da sun ji bugun sai su sheƙo a guje.

Kusan duk ajin kilasikal suke rubutawa, don ya yi kama da labarin karen Pavlov. Bi matakan ka gani. Halin da aka ambata gudu ne zuwa wurin matar. Kazar da ta yi zamanta a bayan rumbu, za ta ci tsabar? Ba za ta ci ba, 'yan'uwanta za su tsince. Ashe cin ya dogara da zuwan, kuma ta wannan fuska gudun ofarant ne, ƙarfafawa fozitif, bugun kwano kuma alama ce mai sanar da cewa yanzu zuwa zai biya. Amma akwai kilasikal a ciki: matar za ta watsa tsabar bayan bugun ko wace kaza ta zo ko ba ta zo ba, don haka zumuɗin da ke kama su da jin ƙarar, da miƙe wuya, na alama ne, har ma an san cewa dabbobi kan nufi alamar abinci ko da nufar ba ta ƙara musu komai. In tambayar ta nemi US da CS, mai tambayar kilasikal yake nufi: tsaba US, bugun kwano CS, zumuɗin jin bugun CR. In ta ce ka tattauna, kawo duka biyun, ka faɗi halin da kake nufi a kowanne, ka rubuta dalilinka a fili kafin ka cike guraben.